Amsa Cikin Kwana Biyu

Maƙwabciyata ce ta kawo mini zancen. Tsohuwar nas ce, ta yi ritaya daga asibiti amma ba ta yi ritaya daga zagayen duba lafiyar gidajen mutane ba. Ta zauna a kujerar da na fi so, ta sha ruwa, sannan ta ce 'yarta ta biyu tana cikin masu biyan kuɗin wata a shafin 'yata Auta, kuma a can ana ta cewa ba Auta ce ke ba su amsa ba. Wai na'urar nan ce mai rubuta wa mutane saƙo. Ta ce ita dai ba ta yarda ba, ta faɗa mini ne don kada in ji a bakin wani.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi, sha biyu daga ciki ina duba takardun jarrabawa. Abin da aikin ya bar mini shi ne ban yarda da “an ce” ba, ko da a kan maƙiyina ne, balle 'yar da na haifa. Amma ban yarda da “ai 'yata ba za ta yi ba” ma, don na ga iyayen da suka rantse da haka alhali takardar satar amsar tana hannuna. Saboda haka ban musa wa nas ba. Na ƙara mata ruwa.

Auta tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin sayar da fenti, da kekunan ɗinki biyu da teburin yanka mai faɗi, wanda ƙafarsa ɗaya ke kan kwali. Shekara huɗu da suka wuce ta fara ɗora waya a kan sandar ƙarfe tana ɗaukar hannuwanta suna aiki, tana bayani: yadda ake auna hammata, yadda ake sa zif ba tare da ya yi tudu ba. Ba ta nuna fuska. Mata suka yi ta kallo, kyauta, har suka kai dubbai. Mijinta, wanda ke aikin tallace-tallace a wani kamfani kuma yake karanta shawarwarin masana kamar mai shan magani, shi ya ce lokaci ya yi da masu kallo za su riƙa tallafawa.

A gabana suka tsara abin, a falona, bara. Mataki uku, in ji shi, domin masana sun ce uku ne daidai. Na ƙasa suka sa masa suna Zare: kuɗi kaɗan, kamar na ƙwallon zare biyu, mace ta ga darasi mako guda kafin kowa. Na tsakiya Allura, a nan ake samun zanen yanka da za a iya bugawa a takarda, sabo kowane wata. Na sama Almakashi, ninki biyar na Zare. A nan suka tsaya, don ba su san me za su ba mutum ba da zai kai kuɗin. Auta ta ce a riƙa aika musu tef ɗin awo mai sunanta. Mijin ya ce kuɗin aikawa zai cinye ribar, ga kuma masu manhajar da shafin yake kai, waɗanda ke cire kasonsu, kusan ɗaya cikin goma, tun kafin kuɗin ya iso. A nan ya yi gaskiya. Sai ya kawo abin da ya kira mafi daraja kuma mafi arha, wato ita kanta. Duk wadda ke Almakashi ta turo hoton ɗinkinta, Auta ta duba da idonta ta gyara mata cikin kwana biyu.

Na tambaya sau nawa mutum zai iya turowa a wata, kuma mutum nawa za a ɗauka. Surukina ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi.

“Mama, ai ba za su wuce ashirin ba. Kullum na tsakiya ake cika. Na saman ado ne, don na tsakiyan ya yi kama da araha.”

Manhajar tana da gurbin da ake rubuta iyakar mutanen da mataki zai ɗauka. Sun bar shi a buɗe. Alƙawarin kuma aka rubuta shi a shafi yadda ya fito daga bakinsa: duk ɗinkin da kika turo, amsa daga hannuna cikin kwana biyu.

Kashegarin zuwan nas na sa tabarau na buɗe wayata. Na shiga Almakashi da sunan da ba nawa ba, na biya na wata ɗaya. Na ɗauko wani tsohon yadi na ɗinka 'yar riga da hannu, kuma da gangan na ɗaura hannun hagu a dama, na dama a hagu. Wanda bai san ɗinki ba zai ce duk ɗaya ne, amma kan hannun riga yankan gabansa ya fi zurfi, idan aka juya sai kafaɗar ta riƙa jan baya. Na ɗauki hoto na tura, na ce malama, me ya sa rigata take cijewa?

Amsar ta zo ana saura awa uku kwana biyun su cika. “Sannu da ƙoƙari. Kin juya hannuwan. Ki warware ki musanya. A ci gaba da ƙoƙari.”

Daidai ce. Amma na gane abin da ya sa ake zargi. Na shiga zauren mambobi na ga mata suna liƙa amsoshinsu don a gwada, kuma duka da “sannu da ƙoƙari” suka fara, da “a ci gaba da ƙoƙari” suka ƙare. Wata ta rubuta cewa da can malama takan tambayi lafiyar yara. Wata ta ce ita ba ta biya ninki biyar don inji ya gaishe ta ba. Wata mai kiran kanta Sarauniyar Zif ta ce a ƙarshen wata za ta fita, kuma masu hankali su biyo ta.

Wannan bai isa hujja ba ta kowane ɓangare. Na yi kalmasa karkatacciya a gindin rigar, na shimfiɗa ta a teburin cin abincina na sake turawa. Da kwana biyun suka kusa cika, na hau mota na tafi shagon ba tare da na sanar ba.

Matakalar tana warin fenti. Na tarar da kekunan biyu a rufe da zane, kuma zanen ya yi ƙura. Sandar ɗaukar bidiyon tana jingine a kusurwa an rataye mata jaka. Auta tana zaune a kan teburin yanka, ƙafafu a naɗe, waya a hannu, wata tsohuwar waya a gefe tana caji don idan waccan ta mutu. Ta gaishe ni ba ta ɗago sosai ba. Ta ce in ba ta minti goma. Na ba ta awa biyu, ina zaune a bayanta ina kallo. Hoto ya buɗe, ta ware shi da yatsu biyu, ta matso da shi kusa da hanci, ta rubuta, ta wuce. Gaisuwar farko da ta ƙarshe ta ajiye su a wayar, taɓawa ɗaya suke fitowa. Tsakiyar ce take rubutawa. Babban yatsanta na dama ta naɗe shi da filasta.

Can sai ta tsaya a kan wani hoto. Ta ware shi, ba wajen kalmasar ba, wajen gefe. Ta juyo.

“Mama. Wannan ba ledar teburinki ba ce? Ga ƙunar da na yi mata da dutsen guga.”

Na ce ita ce.

“Ke ma kin shiga sahun masu gwada ni?”

“Na shiga. Kin ci jarrabawar, amma da ƙyar, kuma rubutunki ya lalace.”

Ta yi dariya kaɗan, sai dariyar ta koma wani abu, ta kife wayar a kan cinyarta. Ba ta yi kuka ba, 'yata ce. Ta ce Almakashi mutum ɗari da sittin ne yanzu, sun fi na Allura yawa. Ta ce rabon da ta ɗauki sabon darasi wata uku, kuma tun da ta daina sa na kyauta sababbin masu kallo suka daina zuwa, ga 'yan Allura suna tambayar zanen watan jiya. Ɗinkin mutanen gari ta mayar musu da yadinsu.

Na ɗauki allin tela na yi mata lissafin a kan teburin, ba na kuɗi ba, na lokaci. Hotuna wajen ɗari uku ke shigowa a mako. Amsa ta ƙwarai minti takwas. Awa arba'in ke nan, kafin ta taɓa almakashi. Da muka duba sai muka ga kusan rabin hotunan daga mata goma sha biyar suke, kuma Sarauniyar Zif ita kaɗai ta turo goma sha tara a mako ɗaya, har da labulen banɗaki. Na ce mata zane sau ɗaya ake zana shi, mutum dubu su ɗauka bai rage ba. Darasi ma haka. Amma amsa, kowace mace da ta shigo ta yanki nata daga ranarki, kuma rana ba ta ƙaruwa. Na ce abin da mijinki ya kira mafi arha shi ne kaɗai a jerin da ba a iya sayo ƙari.

Ta ce ta sani. Ta ce ai ta daɗe da sani, amma alƙawari ne, kuma da hannunta ta rubuta.

A daren ranar na shiga zauren na rubuta da sunana na aro cewa ni tsohuwar malama ce, na je shagon da ƙafata, na zauna awa biyu, kuma da idona na ga malama tana duba kowane hoto tana rubuta amsa da yatsanta. Ban ce ni uwarta ce ba. Ban ga ya shafi kowa ba, tun da gaskiya na faɗa. Surukina ya ji daɗi ƙwarai, ya maƙale rubutun a saman zauren yadda duk mai shigowa shi za ta fara gani. Nas ma na je har gida na gaya mata. Ta ce ai dama ita ba ta yarda ba.

Ƙarshen mako suka zo falona, muka sake zaman da aka yi bara. Wannan karon ni na fi magana. Na ce a rufe ƙofar Almakashi ga sababbi. Na ce hoto biyu a wata ga kowace mace, amsa cikin mako guda. Sauran a tara, sau biyu a wata Auta ta yi zama kai tsaye na awa ɗaya, ta ɗauki kurakuran da suka fi yawa ta gyara a gaban kowa a kan keke, a ajiye bidiyon don wadda ba ta samu halarta ba. Ai kuskuren mata ɗari da sittin bai wuce iri goma ba, kamar na 'yan aji. Na ce a sanar wata guda kafin a fara, don wadda ba ta so ta fita kafin a sake cire mata kuɗi. Surukina ya ce masana sun ce ba a ƙwace wa mamba abin da ya saba da shi, sai dai a bar tsofaffin a kan tsohon tsari, sabon ya hau kan sababbi. Na ce to ai tsofaffin ne ke kashe ta. Auta ta ce a yi yadda Mama ta ce.

Na ɗauka idan aka yi wa mutane bayani na gaskiya za su gane. Na manta cewa iyayen yara ma ba su taɓa gode mini don na yi adalci ba.

Sanarwar ba ta yi awa biyu ba zauren ya kama da wuta. Suka ɗauko hoton tsohon alƙawarin suna liƙawa. Aka ce ta ƙoshi. Aka ce da bazarsu ta yi rawa, yanzu ta ga bazar ta tsufa. Sarauniyar Zif, wadda ta yi alƙawarin fita kuma har yanzu ba ta fita ba, ta rubuta dogon bayani a kan amana. Mafi ciwo ba masu zagin ba ne. Wata ce da ta rubuta a hankali cewa ita a ƙauye take, ba tela kusa da ita, kuma ranar da amsar malama ta shigo ita ce ranar da take jin wani ya kalli aikin hannunta. Ta ce zaman kowa da kowa ba zai kalli nata ba. Wannan Auta ta karanta mini a waya sau biyu. Kafin ɗaya ga wata, mata hamsin da 'yan kai sun soke.

Almakashi ne ke biyan hayar shagon, tun da ɗinkin gari ya tsaya. Kwana tara bayan sanarwar aka sa wata sabuwa: malama ta ji kukanku, komai ya koma yadda yake. Ba a kira ni zaman da aka yanke wannan ba. Da na tambaya, Auta ta ce kada in damu, sun samo hanya. Na ce wace hanya? Ta ce tana da baƙi, za ta kira ni.

Daga nan abubuwa suka gyaru, ko in ce suka yi kama da sun gyaru. Sabon darasi ya fito, a kan wuyan riga mai tsayuwa, kuma ya yi kyau. Na je shagon na tarar an yaye zanen kekuna, ƙasa cike da ƙyallaye, filastar ta bar yatsanta. Ta yi ƙiba kaɗan. A zaure kuwa sai yabo. Amsoshin sun yi tsawo, kowace da irin gaisuwarta, ana tambayar yara, ana cewa kalar nan ta dace da ke. Wasu ko awa ɗaya ba sa yi. Waɗanda suka fita suka fara dawowa. Sarauniyar Zif ta rubuta cewa yanzu ne aka dawo da malamar da suka sani, kuma wannan ya nuna idan mambobi suka tsaya a kan haƙƙinsu ana jin su. Maganar na'ura ta mutu, ba wanda ya sake tada ta. Ni ban sake turo hoto ba, don ta riga ta san sunana na aro. Na kuma lura ban yi lissafin ba. Na san yadda zai fito, shi ya sa.

Ranar wata Talata Auta ta raka ni asibitin ido. Wayarta ta mutu tun a mota, ta jefa ta cikin jakata don tata ba ta da zif, tela ke nan. Daga tara na safe har ɗaya da rabi muna kan benci ɗaya. Aka ɗiga mini maganin da ke buɗe ido, ta riƙe hannuna har gida, ta dafa mini abinci, sai wajen la'asar ta karɓi wayarta, a mace yadda ta ba ni.

Da yamma nas ta shigo duba ni, da 'yarta. Yarinyar tana ta murna, ta ce bari ta karanta mini abin da malama ta rubuto mata yau, tun da idona bai washe ba. Saƙo ne mai daɗi. Ya yabi zaɓin yadinta, ya ce ta rage tsawon ɗinkin kafaɗa kaɗan, ya yi mata fatan alheri a bikin da za ta sa rigar. Na tambaye ta ƙarfe nawa ya shigo. Ta duba ta ce sha ɗaya da minti ashirin.

Na ce Allah ya sa albarka. Nas ta ce ai ni ce na wanke Auta a idon duniya, da ba don rubutuna ba da 'yarta ta daɗe da fita.

Ban kira Auta ba. Mijinta na kira, na ce ya biyo ta wajena bayan aiki. Ya zo da 'ya'yan itace a leda. Ya zauna a bakin kujera, ya tambayi ido. Na ce idon ya fara gani, na gaya masa ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin.

Bai yi mini ƙarya ba, wannan zan ba shi. Ya ce ya tattara tsofaffin amsoshinta na farkon shekara, lokacin da take da sukunin yin hira, ya ba na'urar don ta kwaikwayi bakinta. Shi ke zuba hotunan daga ofis, tsakanin aiki da aiki, ya kwafo amsa ya tura. Da farko Auta tana duba kowace kafin ta tafi. Daga baya sai masu wuya kawai. Na tambaya wa ke gane mai wuya, tun da shi bai san gaban hannun riga da bayansa ba. Ya ce yawancin kurakuran iri ɗaya ne, ni ma na faɗa da bakina. Na tambaya yaushe rabon da ta duba ko ɗaya. Ya kalli ledar da ya kawo.

“Mama, ba wadda ta yi ƙorafi. Ko ɗaya. Lokacin da take kashe kanta ne suke zaginta.”

“Alƙawarin da ke shafin, an gyara shi?”

“Idan muka rubuta na'ura ce, gobe ba kowa a Almakashi. Kun ga abin da suka yi a kan hoto biyu a wata.”

Na ce to a cire rubutuna daga saman zauren. Ya ce zai yi magana da ita. Ya ƙara da cewa idan ya ɓace kwatsam za a tambayi dalili, kuma ai ranar da na rubuta shi gaskiya ne. Na ce zan iya goge shi da kaina, ko in rubuta wani a ƙarƙashinsa. Ya ce haka ne, ba mai hana ni. Ya ce sai dai in tuna yadda na same ta a kan teburin nan.

Washegari Auta ta kira, ta tambayi ido, ta ce tana yanka wani zane na 'yan Allura da take jin zai yi kyau, irin wanda ta daɗe tana so ta yi. Ina jin ƙarar almakashinta a kan katako. Ta yi ta magana a kan zanen da sauri, ba ta bar wurin da zan sa baki ba, ni ma ban nema ba. Da za ta ajiye ta ce, “Mama, ina barci yanzu.” Na ce na ji daɗi.

Lokacin da ake cewa na'ura ce ke amsawa, 'yata ce ke amsawa. Wata huɗu ke nan na'ura ce ke amsawa, kuma mata ɗari da saba'in da uku suna biya kowane wata don amsa daga hannunta. Shaidata tana nan a saman zauren, ban goge ba.